Ƙaramar Kwalba Ba Turare Ba Ce

Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran amare a Gure. Dilka, halawa, kurkur, turaren tsuguno, da humrar da nake haɗawa da hannuna, ba wanda ya koya mini sai uwata, ita ma tata uwar. Daga Bune ana kawo mini amarya, daga Gamu ana kawowa. In yarinya ta kwana bakwai a ɗakina ta fito, dangin miji sai su yi ta kallonta suna neman inda za su kushe, su rasa. Na fara da wannan ne don a san cewa wadda ta yi ɓarnar da zan faɗa ta san fata, ko kuwa tana ganin ta sani.

Karatu kuwa da furfura na same shi. Na haura arba'in lokacin da aka buɗe ajin manya a unguwarmu, na je na zauna a kan tabarma da kaye, wato littafin rubutu, da bik, mata suna dariya wai tsohuwa za ta zama gwamna. Na ce su yi dariyarsu. Shekara uku ina zuwa har na iya karanta Hausa, na iya rubuta ta, na san lambobi, na tsinci 'yan kalmomin Faransanci irin na jikin kwali. Ban taɓa alfahari da wani abu ba kamar wannan, har da gyaran amaren. Alfaharin nan shi ya ja mini abin da ya ja.

'Yata ta fari ba ta yi lakwal ba, wato boko. Ni na hana, lokacin ban san ciwon kaina ba. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ko a gida ba na faɗa, 'yar fari ce, “ke” nake ce mata ko “waccan”. Haka muka tashi muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kakarta ta raine ta. Ko da za a yi aurenta ƙanwata ce ta gyara ta, ni ina ɗaki kamar ba 'yata ake yi wa ba. Tana aure a wani kwari yamma da gari, inda mijinta ke da lambu a gindin tudun rairayi, da dabino da rogo da rake, ga 'yan awaki da tumaki. Yini take a rana tana ban ruwa.

Bayan haihuwarta ta uku wani baƙi ya fito mata a kumatu biyu da saman hanci da goshi, shimfiɗe kamar an shafa mata gawayi an goge bai fita ba. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Amma mata ba sa barin mutum. Wata maƙwabciyarta mai zuwa fatauci ta kawo mata man shafe-shafe a wani ɗan gwangwani ba suna ba komai, ta ce sati biyu ya isa. Da gaske kuwa ta yi haske. Wata biyar tana shafawa. Sai fuskar ta fara ja, ƙuraje suka feso, fatar ta yi siriri har jijiyoyi na nunawa, baƙin kuma ya dawo ya fi na da. In ta daina kwana biyu fuskar ta ɗauki zafi, in ta koma ta lafa.

Ranar da ta shigo gidana da mayafi rufe da rabin fuska, na ce ta buɗe. Ta buɗe. Na san abin nan, na sha ganinsa a fuskar amaren da ake kawo mini a ce in yi dabara. Ban yi mata faɗa ba. Na kira mijinta a waya na yi masa nasa, shi da bai ci ba bai sha ba.

Mutumin kirki ne. Ya sayar da rago, muka hau mota ni da ita zuwa Damagaram wurin lokotoron fata, wato likita.

Lokotoron mace ce, mai magana a hankali. Ta duba fuskar da fitila, ta ce man gwangwanin nan a daina shi, kuma kada mu tsorata in fuskar ta yi bore a makonnin farko, haka fata ke yi in an raba ta da shi. Ta ce baƙin irin na ciki da haihuwa ne, rana ce ke ciyar da shi, kuma ba ya tafiya da sauri, sai an yi wata uku ko fiye ana haƙuri. Ta rubuta abu huɗu. Sabulun ruwa na wanke fuska. Wani ruwa-ruwa a 'yar kwalba mai ɗigo, wai serom. Man laushi mai riƙe danshi. Da man kare rana. Ta fara bayanin yadda ake shafa su, safe da dare.

Ina jin muryarta amma hankalina na kan hannunta. Ina kallon yatsunta ina cewa a raina, wannan ba ta taɓa murza dilka ba, ita za ta koya mini shafa mai? Da ta gama ta dube mu ta ce, “Kun gane, ko in sake?”

'Yata ta buɗe baki, na riga ta.

“Mun gane. Ai sana'ata ce.”

“To ga shi duk na rubuta a takarda. Akwai mai karanta muku?”

“Ni na yi karatu,” na ce.

A cikin mota na buɗe takardar. Faransanci ne, da rubutun likita, kamar sawun ƙadangare a kan rairayi. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ninke ta na tura cikin lalitata. 'Yata ta ce, “Inna, me ta rubuta?” Na ce, “Abin da ta faɗa.”

Muka shirya za ta zauna wurina da jaririyarta har fuskar ta kama hanya, manyan yaran suna wurin uwar mijin. Washegari da safe na shimfiɗa tabarma, na jera kayan huɗu, na ce ta zo ta zauna. Ta yi tsaye tana kallona.

“Ke nake jira.”

“Inna, ke za ki shafa mini?”

“Akwai wata a gidan nan?”

Ta zauna ta rufe ido. Na kama haɓarta na ɗaga. Fuskar amare ɗari nawa na riƙe haka, ban taɓa riƙe tata ba tun tana zanen goyo. Na ga tana da ɗan tabo a gefen gira da ban san da shi ba, ban kuma tambaya ba.

Ga yadda na yi, kuma duk mai haɗa turare zai gane dalilina. A wurinmu mai ne ƙasa. In kina son ƙamshi ya kama jikin amarya, sai kin fara shafe ta da mai, sannan ki bi da humra, sannan turare mai tsada na 'yar kwalba ya zo a ƙarshe, a ɗiga shi a sama don kada wani abu ya danne shi. Abu mai daraja ba a binne shi. Na dubi kwalbar serom, ƙarama, mai duhu, da ɗan bakin ɗigo, na ce wannan ai shi ne turaren. Saboda haka na wanke mata fuska, na fara da man laushi, na ƙara ɗan man kaɗe daga wurina don na ga nasu ba shi da jiki. Na bi da man kare rana, kaɗan, kamar ƙwayar gero uku, don kada ya ƙare da wuri. Sannan na ɗiga serom a sama na murza da kyau.

Da na murza sai wani abu ya fara murmushewa a ƙarƙashin yatsuna, fari-fari, 'yan dunƙule. Raina ya yi fari. Haka dilka ke yi in tana ciro dattin fata. Na tara a tafin hannu na nuna mata.

“Kin gani? Baƙin ne ke fita.”

Ta duba, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Da dare ma haka na yi, duka huɗun, har da man kare rana. Na ce zafin rana ai ba ya fita daga jiki da faɗuwarta, bangon ɗaki ma yana riƙe shi har tsakar dare, balle fuska. Da rana kuwa tana taya ni aiki a tsakar gida, tana shanya itacen turare, tana zuwa famfo. In ta yi alwalar azahar ta wanke fuska, shi ke nan, babu wanda ya tuna da wani mai sai dare.

Sati shida muna haka. Boren da lokotoro ta faɗa ya zo ya wuce, jan ya ragu. Amma ƙananan ƙuraje suka cika mata goshi, baƙin kuma ko gezau, ni a idona ma ya ƙara duhu, don bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Kullum ina nuna mata 'yan dunƙulen, kullum murmushin yana raguwa, har ta daina dubawa.

Ran wata kasuwa ta fita, ta dawo ta shige ɗaki. Da na shiga ɗaukar tsintsiya na ga gwangwanin a kan tagar, sabo, ba a fasa ba. Ba ta ma ɓoye shi ba.

“Wannan fa?”

“Na haɗu da maƙwabciyar nan tawa a kasuwa.”

“Ita ta ba ki, ko ke kika roƙa?”

“Ni na roƙa.” Ba ta ɗaga kai ba, tana ba jaririya nono. “Inna, sati shida. Na likita bai yi ba. Wannan ko ba komai ina ganin aikinsa. Jumma'a mai zuwa zan koma gida, shuka ta kusa, ba zan koma da wannan fuskar ba.”

“Ki koma da wacce? Wadda jijiya ke nunawa?”

“Ke ba a kallonki a wurin biki a kau da kai.”

Na san in ta koma wa gwangwanin nan ba za ta sake rabuwa da shi ba, na ga mata da yawa da suka tsufa da shi, kumatu kamar an ƙona da dutsen guga. Na ɗauki tsintsiyata na fita. Ina shara ina tunanin takardar da ke cikin lalita. Sati shida tana jikina, ina jin ta duk lokacin da na sunkuya.

A asibitin garinmu akwai wata ungozoma da kowa ke kira Madam. Ni na gyara ta lokacin aurenta, shekara ashirin da suka wuce, tana ta kukan zafin halawa ina ce mata ta rufe mini baki. Yanzu ita ce babba a ɗakin haihuwa. Na zuba kayan huɗu a leda, na jira har ta sallami mata masu awo, sannan na shiga.

“Uwar amare. Lafiya? Ko ciki ne?”

“Ubanki ne ya yi shi. Karanta mini wannan.”

Ta karɓa tana dariya, ta sa tabarau. “Ke da kika yi karatu?”

“Karatun mutane na yi, ba na aljanu ba.”

Ta karanta a ranta, ta dubi kayan, ta ce in gaya mata yadda muke yi. Na gaya mata tiryan-tiryan, har da man kaɗen, har da dattin da ke fita. Ta cire tabarau ta ajiye. Na ga tana cije leɓe.

“Yi dariyarki ki gama, ina da aiki.”

“Ba zan yi ba. Miƙo hannunki.”

Ta shafa mini man laushi mai yawa a bayan hannu, ta ɗiga ruwan buta a kai. Ɗigon ya tsaya, ya gangara. Ta ɗiga a ɗaya hannun da ba mai, ya baje ya jiƙa fatar.

“Serom kusan ruwa ne,” ta ce. “Aikinsa a cikin fata yake. In kin riga kin shafe fuskar da mai, har da man kaɗe, ta ina zai shiga? Shi ya sa yake zuwa da fari, kan fata wankakkiya. Mai ruwa-ruwa a fara da shi, mai kauri ya biyo baya.”

“To dattin da ke fita fa?”

“Uwar amare, ba datti ba ne. Man kare ranar ne kike murje shi da hannunki. Shi shimfiɗa yake yi a saman fata, kamar rumfa. Kin kafa rumfa, kin zuba mata ruwa, kin bi ta da murza. Abin da kike tarawa a tafin hannu kina nuna wa yarinya, rumfar ce.”

Sati shida ina tura 'yata cikin ranar bazara da fuska tsirara, ina ce mata baƙi na fita.

“Ba ke kaɗai ba ce,” ta ce. “Har masu digiri suna yi.”

“Ban zo jaje ba. Faɗa mini daidai, a hankali, ni zan rubuta.”

Na fito da kayena da bik. Tana karanta takardar tana juya mini da Hausa, ina rubutawa da hannuna, ina tsayar da ita in ta yi sauri. Kayen yana nan har yau, ga abin da ke ciki.

Da safe, bayan an gama alwalar asuba da aikin murhu. Ɗaya, a wanke fuska da sabulun ruwan, da yatsu, ba soso ba murza, a ɗauraye, a dafa da tsumma mai tsabta. Biyu, serom, ɗigo uku ko huɗu, a baza a hankali a ɗan jira ya shiga. Uku, man laushi. Huɗu, man kare rana, shi ne na ƙarshe, ba a ɗora masa komai, ba a gauraya shi da komai.

“Nawa ake sawa?” na ce.

Ta matsa shi a kan yatsunta biyu, manuni da na tsakiya, daga gindi har kai. “Haka. Fuska da wuya da kunne.”

“Wannan ai ɓarna ce.”

“Ƙwayar geronki ce ɓarna, don ba ta kare komai. Kuma ta shafa kafin ta fita da kamar kwata na awa.”

Da dare, bayan alwalar ƙarshe. Ɗaya, a wanke, don a fitar da man kare rana da zufa da ƙurar yini. Biyu, serom. Uku, man laushi. Babu na huɗu. Madam ta ce akwai serom ɗin da dare kaɗai ake sa shi, amma wannan lokotoro ta rubuta safe da dare. Na kawo mata hujjata ta bangon ɗaki mai riƙe zafi. Ta ce hasken rana man yake tarewa, in ba rana ba shi da aiki, kwana da shi tare da man kaɗe ma yana iya zama shi ya toshe mata goshi.

Ina shirin rufe kaye na tuna. “Alwala fa? Mu ba sau ɗaya muke wanke fuska a yini ba.”

Ta sake duba takardar. “Ta rubuta a sake shafawa duk awa biyu in ana cikin rana, ko in an yi zufa, ko an wanke fuska. Ba ta ambaci alwala ba, amma ai ita ce. In ta yi ta azahar ta tsane fuska, ta sake sa na huɗu kaɗai. La'asar ma haka, in da sauran rana. Ba sai ta koma kan ɗaya da biyu ba. Kuma ki nema mata malfa.”

“Mace da malfa?”

“Matan Fulani ba sa sawa a kiwo? Su ba mata ba ne?”

Na tashi. A bakin ƙofa ta ce, “Za ki gaya mata ke kika yi kuskuren?”

“Wannan ba ya cikin takarda,” na ce.

A hanya na yi ta saƙa yadda zan yi. Zan iya cewa Madam ta kawo sabuwar dabara. Zan iya cewa lokotoro ta aiko da saƙo. Uwa ba ta ba 'yarta haƙuri, balle 'yar fari, ba a taɓa ji ba a gidanmu. Amma na lissafa: in na ce sabuwar dabara ce, a wurinta na likita ya riga ya gaza sau ɗaya, ba ta da dalilin sake ba shi wata uku. Ba za ta ajiye gwangwanin ba sai ta san cewa maganin ba a ma fara gwada shi ba.

Na same ta tana tankaɗe a inuwar ɗaki. Na zauna a kan turmi.

“Ke. Takardar nan ban iya karanta ta ba.”

Ta tsayar da rariya.

“Tun a mota ban iya ba. Bayanin lokotoro ma ban saurara ba. Na yi miki da ka, irin na amare, kuma na juya shi. Abin da nake nuna miki a hannu ba baƙin ba ne, man kare rana ne nake gogewa. Maganin bai gaza ba, ni ce.”

Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta tashi ta shige ɗaki.

“Na ji ta ce ƙaramar kwalba ce ta biyu,” ta ce. “A Damagaram. Na ji.”

“Kika yi shiru?”

“Inna, wa ke gaya miki magana?”

Wannan ta shige ni fiye da zagi.

“To yanzu gaya mini. Me kike so?”

“So nake in tashi da safe ban tuna da fuskata ba.”

“Ba ni da wannan. Abin da ke hannuna wata uku ne, a yi shi daidai. In an yi bai yi ba, mu koma wurin lokotoro, ni zan zauna a waje ki shiga ke kaɗai. Gwangwanin kuma ba zan taɓa shi ba. Naki ne.”

Ta ci gaba da tankaɗe.

Da yamma na ɗauko kayan na manna wa kowanne ɗan filasta, na rubuta lamba da bik, babba. Ba ta karatu amma ta san lambobi saboda waya. Washegari na shimfiɗa tabarma, na jera su, na koma gefe na naɗe hannu. Ta dube ni.

“Fuskarki ce,” na ce. “Ni kallo zan yi.”

Ta wanke, ta dafa da tsumma. Ta ɗiga na biyu ta baza. Ta sa na uku. Da ta zo na huɗu ta matsa ɗan kaɗan, na ce yatsa biyu, ta ce ai zai ƙare, na ce ya ƙare, don a shafa aka yi shi. Ta shafa. Babu abin da ya murmushe. Ta shafo kumatunta ta duba yatsunta, babu komai.

“Na yi fari kamar an tona ni daga toka,” ta ce.

“Zai kwanta. In bai kwanta ba ma awaki ne za su gan ki.”

Ta yi dariya, har jaririyar ta farka.

Ran Jumma'a mijin ya zo da amalanke. Na saya mata malfa mai faɗi, ta ce ba za ta sa a cikin gari ba, na ce ta sa a lambu. Ina taya ta ɗaure kaya na ji taurin gwangwanin a cikin zannuwa. Hannuna ya tsaya a kansa. Jefa shi a masai ba zai ɗauke ni komai ba. Na ja bakin ƙunshin na ɗaure.

Damina ta shigo, hanyarsu ta yi wuya, aiki ya yi musu yawa. Muna waya jefi-jefi, ina tambayar yara da shuka, ba na tambayar fuska. Sau biyu ta aiko mijin ya saya mata na huɗu a farmasi, sau ɗaya na biyu. Na riƙe wannan a raina. Ni kuma a ɗakina na daina karɓar amaryar da ke shafe-shafe sai an yarda ta daina, abin da ya sa wasu iyaye suka koma wurin wata. Su je.

Sai bayan an yi girbi ta zo, ran kasuwa, da buhun rogo da jaririya tana tafiya da ƙafafunta. Ta yi sallama ta shigo, mayafin a kafaɗa. Na ce ta matso bakin ƙofa inda haske yake. Na kama haɓarta.

Baƙin bai tafi duka ba. Na goshi ya kusa ɓacewa, na hanci ya dushe, na kumatun hagu yana nan, sai dai ya koma kamar inuwa. Ƙurajen babu. Fatar ta yi jiki, ta koma kalarta ta haihuwa, baƙa mai sheƙi irin ta dangin ubanta.

“Na hagu yana da taurin kai,” na ce.

“Gado ya yi.”

Na sake ta. Muka zauna, na zuba mata fura. Sai da ta sha ta ajiye ludayi na tambaya.

“Gwangwanin fa?”

“Ya yi wata biyu a ƙasan akwati. Sau ɗaya na buɗe, ranar sunan ɗan ƙanwar mijina. Na shinshina na rufe.”

“Yanzu yana ina?”

“Na mayar wa maƙwabciyar tawa. Ita ma tata fuskar ta fara ja, Inna. Ta tambaye ni me nake shafawa, na ce ba zan faɗa mata da ka ba, ta je a duba ta tukuna.” Ta gyara zaman yarinyar a cinyarta. “Ta ce tana tsoron zuwa Damagaram ita kaɗai. Na ce zan tambaye ki ko za ki raka ta.”

“Ni?”

“Kin san hanya. Ki tafi da kayenki.”

Na ce ta gaya mata ta zo ran Litinin da sassafe, kada ta sa mu rasa motar farko.